Injin niƙa na N600,000 da aka sayar N720,000 bashi: yadda ake shigar da shi a littafi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne ma'ajin wata ƙungiyar gama kai a Unguwar Rogo, Jos. Ran 1 ga Oktoba mun sayar wa wani memba injin niƙa da ya tsaya mana N600,000 a kan N720,000, zai biya N60,000 duk ƙarshen wata har wata 12. A ranar na rubuta ribar N120,000. Yanzu Disamba ta ƙare, membobi suna jiran rabo, kuɗin kuma ba sa hannuna. Yaya ya kamata in rubuta wannan ciniki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Ma'aji. Kada ka raba wannan N120,000 tukuna. Daga cikinta N30,000 kaɗai ta nuna zuwa 31 ga Disamba, sauran N90,000 ɗanya ce, tana jikin kuɗin da ba su shigo ba. Cinikinku lafiya lau yake, shi ne abin da malamai ke kira murabaha, wato ka faɗa wa mai saye nawa kaya ya tsaya maka, ku yi yarjejeniya a kan ribar da za ka ɗora. Gyaran a littafi yake, kuma layi biyu ne kawai. Amma in na ba ka layin biyu ban nuna maka inda suka fito ba, ciniki na gaba za ka sake faɗawa ramin nan, don haka bari mu bi injin tun daga ranar da aka saye shi.

Zan riƙa cewa hagu da dama. Kowane asusu a leja yana da ɓangare biyu, akantoci suna ce wa na hagu debit, na dama kuma kiredit. Abin da ƙungiya ta mallaka, ko take bi, ko ta kashe, yana ƙaruwa ta hagu. Abin da ake bin ta, da abin da ta samu na riba, yana ƙaruwa ta dama. Duk abin da ka rubuta a hagu sai ka rubuta daidai da shi a dama a wani asusun, in ba haka ba littafi ya karkace.

Mu fara da uwar kuɗi, domin a murabaha komai a kanta yake tsaye. Ba ka faɗi yadda N600,000 ta haɗu ba, to mu ƙaddara dila ya karɓi N580,000, mai mota ya karɓi N15,000 ya kawo injin, 'yan dako suka karɓi N5,000 na lodi da saukewa. Waɗannan ukun duka kuɗin injin ne, domin kuɗi ne da kuka fitar kai tsaye a kan wannan injin, kuka ba wasu mutane da ba ku ba. Haka ma idan rasit ɗin dila yana ɗauke da harajin sayen kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, kuma ba za ku iya karɓo shi daga hukuma ba, ya shiga kuɗin kaya. Abin da ba ya shiga shi ne hayar ofishinku, da alawus ɗin sakatare, da lemun da aka sha ranar taron kwamiti. Waɗannan kuɗin tafiyar da ƙungiya ne, daga riba ake biyan su. In ka cusa su cikin uwar kuɗi sannan ka ce wa memba injin ya tsaya mana kaza, ka faɗa masa abin da ba haka ba, alhali murabaha cinikin amana ne, mai saye ya yarda da bakinka ne bai ga rasit ba.

Ranar da kuka saya, sai ka buɗe asusu mai suna Kayan Murabaha. Ka rubuta N600,000 a hagunsa, ka rubuta N600,000 a daman asusun Banki ko na Tsabar Kuɗi, ya danganta da inda kuɗin suka fita. Ko da injin kwana ɗaya zai yi a hannunku, ko awa biyu, kada ka tsallake wannan rubutun. Shi ne shaidar cewa ƙungiya ta mallaki injin kafin ta sayar, kuma da ya faɗo daga mota a hanya, asarar taku ce ba ta memba ba. Ka duba rasit ɗin dila da kyau, sunan ƙungiya ya kamata ya kasance a kai. In na buɗe littafin wata ƙungiya na ga kuɗi sun fita daga banki kai tsaye zuwa asusun memba, rasit kuma da sunan memba, babu inda kaya ya taɓa shiga littafi, to ko an rubuta murabaha da manyan baƙaƙe a saman takarda, abin da littafin ke nunawa shi ne an ba da N600,000 za a karɓi N720,000. Ka san sunan wannan, kuma shi kuka kafa ƙungiyar don ku guje masa.

Akwai wani abu da ke faruwa sosai a kasuwa. Bayan an gama ciniki, dila ya ce tunda ku abokan ciniki ne ga N20,000 na rage muku, wani lokacin ma a hannun wanda aka aika yake danƙawa. Wannan rangwamen ba kyautar ɗan aike ba ce, kuma ba ƙarin ribar ƙungiya ba ne. Yana rage uwar kuɗi ne zuwa N580,000. Idan yarjejeniyarku kashi 20 cikin ɗari ce a kan abin da kaya ya tsaya, riba ta koma N116,000, farashi ya koma N696,000, kuma memba ne ke cin moriyar ragin ko da an riga an sa hannu. Don haka ka riƙa tambayar wanda ya je saye, a gaban shaida, ko an yi masa wani ragi.

Yanzu ranar ciniki, 1 ga Oktoba. Mu kira memban Malam Tanko don sauƙin magana. Abu uku ne suka faru lokaci ɗaya: injin ya bar hannunku, Malam Tanko ya ɗauki bashin N720,000, kuma an ƙulla riba ta N120,000 wadda za ta nuna a hankali cikin wata 12. Ga yadda rubutun yake:

Hagu: Bashin Murabaha, Malam Tanko, N720,000
Dama: Kayan Murabaha, N600,000
Dama: Ribar Jira, N120,000

Idan kana so littafinka ya nuna yawan cinikin shekara, kana iya raba shi: ka rubuta N720,000 a daman asusun Ciniki, ka kwashe N600,000 daga Kayan Murabaha zuwa hagun asusun Kuɗin Kayan da Aka Sayar, sannan bambancin N120,000 ka ɗauke shi daga ribar shekara ka ajiye a Ribar Jira. Wuri ɗaya hanyoyin biyu suke ɓullewa. Ga ƙaramar ƙungiya na fi son layi ukun nan na sama, domin duk memban da ya iya karatu zai gane su.

Ka lura da bashin: N720,000 cif ake rubutawa, ba N600,000 ba. Wasu ma'ajiya suna rubuta uwar kuɗi kawai a matsayin bashi, sannan duk wata su ɗora N10,000 a kai su ce riba. Lissafin ƙarshe zai iya zuwa daidai, amma siffar ta ɓaci, domin littafin yana nuna bashi yana girma da tafiyar lokaci, irin na kuɗin ruwa. A murabaha farashi ya yanke tun ranar farko. Abin da ake bin Malam Tanko ba ya ƙaruwa da sisin kwabo daga wannan rana, raguwa kawai yake yi.

To mece ce Ribar Jira? Wannan suna ni nake kiran ta da shi don membobi su gane. Asusu ne da ke zaune a gefen bashi yana rage shi. Yana cewa: cikin N720,000 da muke bin wannan bawan Allah, N120,000 riba ce da lokacinta bai yi ba. In ka cire ta daga bashin, abin da ya rage N600,000 ne, wato dukiyar membobi da ke waje. Ba ni na ƙirƙiro tsarin ba. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wadda ke tsara ƙa'idojin lissafi na cibiyoyin kuɗi na Musulunci, haka ta shimfiɗa a ƙa'idarta mai lamba 28 da ta fara aiki a 2019: a rubuta bashi da cikakken farashinsa, a jinkirta riba, a riƙa sakin ta gwargwadon tafiyar lokacin biya. Dalilin kuwa a fili yake. Kuɗin membobi za su yi wata 12 a ɗaure a jikin injin nan. Wata 3 sun faɗo a shekarar da ta ƙare, wata 9 suna cikin sabuwa. In ka ba shekarar farko riba duka, memban da ya fita a Janairu ya tafi da ribar watannin da bai zauna ba, wanda ya shigo a Janairu kuma kuɗinsa za su ɗauki haɗarin bashin ba tare da ya ga ko kwabo ba.

Na taɓa ganin ƙarshen wannan da idona, shi ya sa nake nanatawa. Wata ƙungiya ta kira ni in duba mata littafi, na je da sanyin safiya a watan Janairu, irin sanyin Jos da sai ka hura hannu kafin ka riƙe biro. Ma'ajinsu dattijo ne mai gaskiya, ya fito da leja mai baƙin bango da rasit a ƙulle cikin leda, ko ɗaya bai ɓata ba. Duk cinikin da suka yi ya rubuta ribarsa a ranar da aka yi shi, suka raba a ƙarshen shekara kowa yana murna. Da suka zo saya wa membobi na gaba kaya, asusun banki ya kasa. Har an fara yi masa kallon zargi, ana ƙus-ƙus a bayan masallaci. Muka zauna muka bi ciniki ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi babu abin da ya ɓace. Abin da suka raba da sunan riba, jarinsu ne suka ciro suka raba wa kansu, ribar kuma tana can a hannun masu bashi. Na ga hawaye a idon mutumin nan ranar da aka wanke shi. Ba na so haka ta same ka.

Mu koma ga Malam Tanko. Ran 31 ga Oktoba ya turo N60,000, alat ya shigo. Rubutu biyu za ka yi, kuma kada ka cakuɗa su. Na farko na kuɗin da suka shigo ne: N60,000 a hagun Banki, N60,000 a daman Bashin Murabaha. Bashi ya sauko N660,000. Na biyu na ribar da ta nuna ne: N120,000 a raba gida 12 ya ba da N10,000, sai ka rubuta N10,000 a hagun Ribar Jira, N10,000 a daman asusun Ribar Murabaha. Wannan asusun na ƙarshe shi kaɗai ne ke shiga lissafin riba da asara. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ɗauki N60,000 ɗin gaba ɗaya a rubuta ta kuɗin shiga. A cikinta N50,000 jarinku ne ya dawo gida.

Haka za ka yi a Nuwamba da Disamba. Zuwa 31 ga Disamba ya biya N180,000, bashi ya rage N540,000. An saki N30,000 daga Ribar Jira, saura N90,000. A takardar da ke nuna abin da ƙungiya ta mallaka da abin da ake bin ta, za ka nuna su haka:

Bashin Murabaha N540,000
A cire Ribar Jira N90,000
Abin da ya rage N450,000

Ga yadda za ka gane ko ka yi daidai ba tare da ka kira kowa ba. Jarinku N600,000 ne, yana dawowa N50,000 duk wata, wata 3 sun wuce, saura N450,000. Lissafin biyu sun haɗu. Duk ƙarshen wata ka yi wannan gwajin ga kowane ciniki. In suka saɓa, ɗaya daga cikin biyu ne: ko ka manta ba ka saki ribar wani wata ba, ko akwai kason da ba a biya ba.

Wannan na biyun yana buƙatar a tsaya a kansa. A ce Malam Tanko bai kawo na Disamba ba. Bashi yana nan N600,000, domin sau biyu kawai ya biya. A ƙa'ida riba tana bin lokaci ne, ba shigowar kuɗi ba, saboda haka in jinkirin na 'yan kwanaki ne, kuma ka san mutumin zai biya, ka saki N10,000 ta Disamba yadda aka saba. Ribar Jira ta zama N90,000, abin da ya rage N510,000, wato N450,000 da N60,000 da ta makara. Wannan bambancin shi ne ƙararrawarka. Amma ka bambanta rubuta riba da raba riba. Shawarata ga ƙungiya irin taku ita ce kada a raba ribar kason da kuɗinsa bai shigo ba, ko da an rubuta ta. A ware ta, in ya biya a Janairu ta shiga rabo na gaba.

In jinkiri ya yi tsawo, hukuncin ya canza. Mu ce ya biya sau biyar, N300,000, sannan injin ya lalace ko kasuwa ta mutu, wata biyu, wata uku shiru. Bashi N420,000 ne. Daga lokacin da shakka ta shiga, ka daina sakin riba, domin babu amfanin rubuta ribar da uwar kuɗinta ma ba ka da tabbas a kanta. A ce ka tsaya a wata na biyar, Ribar Jira tana N70,000, jarin da ke cikin haɗari N350,000. Sai kwamiti ya zauna ya ƙiyasta da gaskiya nawa ake sa ran karɓowa, a duba jingina, a duba wanda ya tsaya masa. In an ga N250,000 ce za ta iya dawowa, ka rubuta N100,000 a hagun asusun Asarar Bashi, ka rubuta ta a daman wani asusu mai suna Tanadin Bashi Mai Shakka, wanda shi ma ake cirewa daga bashi a takardar ƙarshen shekara. Wannan ba yafewa ba ne. Katin Malam Tanko yana nan da N420,000, kuna ci gaba da bin sa. Kun dai daina ruɗin kanku da adadin da ba lallai ya dawo ba. In daga baya aka haƙura da bashin gaba ɗaya, Ribar Jira ake fara gogewa da shi, domin ba ta taɓa zama riba ba, abin da ya saura shi ne asara ta gaske.

Biyu daga cikin abubuwan da kwamiti zai kawo maka a irin wannan lokaci, ka shirya musu. Na farko za su ce a ƙara masa wata shida a ɗora masa wani abu. Ƙarin lokaci ya halatta, har Alƙur'ani ya yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci, amma ƙarin kuɗi a kan bashi saboda ƙarin lokaci shi ne riba ta haram da ba a saɓani a kanta. In an ƙara wata shida, bashin yana nan N420,000, ribar da ta rage ce za ka shimfiɗa a kan sabon lokacin, kason kowane wata ya ragu. Idan kuma takardarku tana da tarar jinkiri ga mai hali da ke taurin bashi, kamar yadda bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa suke sakawa, to wannan kuɗin ba na ƙungiya ba ne. A ce an karɓi N5,000: hagun Banki, daman asusun Sadaka. Bashi ne a kanku har ku kai shi inda aka tsara, kuma ba ya bi ta asusun riba ko da wucewa. Malamai suna da magana a kan ita kanta tarar, don haka ku ji ta bakin malamin da ke duba muku kafin ku sa ta a takarda.

Na biyu za su ce a je a ɗauko injin. Ka tuna musu cewa tun 1 ga Oktoba injin na Malam Tanko ne, kuɗi kuke bin sa. Ba za ka mayar da shi Kayan Murabaha ka ce an yi biyan bashi ba, sai in shi ya yarda ya sayar muku a kan farashin da kuka daidaita. Idan an rubuta injin a matsayin jingina, ana sayar da shi ne a madadinsa. Aka samu N380,000, sai a rage daga N420,000, ana bin sa N40,000. Aka samu N450,000, to N30,000 tasa ce, a mayar masa.

Akwai kuma ɓangare mai daɗi, wato ya zo ya biya da wuri. A ce bayan kaso takwas ya samu kuɗi, ya ce zai sauke nauyin gaba ɗaya. Ya biya N480,000, saura N240,000, Ribar Jira tana N40,000. Abin da ke kansa N240,000 ne, domin farashi ya yanke. In ya biya duka, ka rufe bashin, ka kwashe N40,000 ɗin gaba ɗaya zuwa Ribar Murabaha a ranar, tunda babu sauran jira. In kwamiti ya ga dama ya yi masa rangwamen N25,000, abin da bai kamata a sharɗanta tun a takardar ciniki ba, sai ya kawo N215,000. Ka rubuta N215,000 a hagun Banki, N25,000 a hagun Ribar Jira, N240,000 a daman Bashi. Saura N15,000 a Ribar Jira, ita ce za ta wuce zuwa riba. Rangwamen daga ɗanyar riba yake fita, kada ka rubuta shi a cikin kuɗin da aka kashe.

Ba ka ambaci kafin alƙalami ba, amma zai zo maka. Idan memba ya ajiye, a ce, N60,000 tun kafin ku sayo kaya don ya nuna da gaske yake, wannan kuɗin amana ce. Hagun Banki, daman asusun Ajiyar Memba. Ba ciniki ba ne tukuna, ba kuma riba ba. In an ƙulla ciniki, sai a kwashe ta daga Ajiya a rage bashi da ita. In ya fasa bayan kun sayo, kuka sayar wa wani a kan N585,000, asararku ta gaske N15,000 ce, ita za ku cire ku mayar masa N45,000. Ribar da kuka so samu ba ta cikin abin da ake cirewa.

Rabon riba daidai wa daida, N10,000 duk wata, ya dace da cinikinku ne saboda bai wuce wata 12 ba. In kun fara sayar da Keke Napep ko mota na shekara biyu ko uku, ƙa'idar ta fi son a saki riba gwargwadon jarin da ke waje, ta yi yawa a farko lokacin da kuɗinku duka suna hannun mutum, ta ragu a ƙarshe. Don ka ga bambancin da alƙaluman da ka sani, rubuta wannan a Excel:

```
=RATE(12,-60000,600000)
```

Zai ba ka kusan kashi 2.92 cikin ɗari a wata. Ka buga shi a kan N600,000, ribar watan farko ta kama wajen N17,500, ta watan ƙarshe kuma ta sauko wajen N1,700. Jimillar dai N120,000 ce, abin da Malam Tanko ke biya bai motsa ba. Wasu suna jin kaso cikin ɗari sai gabansu ya faɗi, su ce ai wannan kuɗin ruwa ne. Ma'auni ne kawai na raba riba tsakanin watanni a cikin littafinku, ba ya taɓa bashin da ke kan mai saye. Ku zaɓi hanya ɗaya ga kowane irin ciniki, ku rubuta ta a dokokin ƙungiya, kada a riƙa sauyawa don ribar wata shekara ta yi kyau.

Wani ɗan bambanci ga 'yan kasuwar da za su karanta wannan. Mai shago a titin Ahmadu Bello da ke sayar da irin wannan injin N660,000 kuɗi hannu, N720,000 bashi, riba biyu gare shi. N60,000 ta farko ribar ciniki ce, da ya samu ko da an biya shi nan take, ita yana rubuta ta a ranar sayarwa. N60,000 ta biyu ce ke tafiya Ribar Jira. Ku kuwa ba ku da farashin kuɗi hannu, kun sayo ne saboda memba ya nema, don haka taku duka ta jira ce.

Sannan ka buɗe wa kowane mai bashi katinsa: kwanan wata, abin da ya kamata ya biya, abin da ya biya, lambar rasit ko ta tiransifa, da abin da ya saura. Duk ƙarshen wata ka tara sauran da ke kan katunan duka, dole ya yi daidai da asusun Bashin Murabaha a leja. Inda aka fi samun saɓani shi ne kuɗin da matar memba ko ɗansa ya turo daga wani asusu, sunan da ya fito a alat ba na mai bashi ba. Kada ka yi hasashe. Ka ajiye shi a asusun jiran tantancewa har a kawo maka shaidar turawa. Takardar cinikin kuma ta ƙunshi uwar kuɗi dalla-dalla, da riba, da jimilla, da ranakun biya, da shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni a rubuta bashin da aka yanka wa lokaci.

Yanzu ga gyaran littafinka. Ka riga ka sa N120,000 a asusun riba, alhali N30,000 ce ta shekarar da ta ƙare. Kada ka goge, kada ka shafa farin ruwa, kada ka yage shafi, domin duk wanda ya ga gogewa a littafin kuɗi sai zuciyarsa ta raya masa wani abu. Ka yi sabon rubutu da kwanan watan 31 ga Disamba:

Hagu: Ribar Murabaha, N90,000
Dama: Ribar Jira, N90,000

A ƙarƙashinsa ka rubuta da hannunka cewa an mayar da ribar wata 9, Janairu zuwa Satumba, ta cinikin injin niƙa. Shugaba da mai binciken kuɗi su sa hannu. Ka duba ko bashin N720,000 ka buɗe tun farko, kuma ko yanzu yana nuna N540,000 in an biya kaso uku. In akwai wasu cinikayya da ka rubuta ta tsohuwar hanya, kowanne ka ƙirga watannin da suka rage masa ka yi masa irin wannan gyaran. Daga N30,000 ɗin ma sai an cire kuɗin tafiyar da ƙungiya da abin da dokarku ta ce a ajiye kafin a zo rabo. Ranar taro ka tafi da katin Malam Tanko da shafin Ribar Jira, ka buɗe su a gaban membobi, ka nuna musu N90,000 ɗin da watannin da za ta shigo.